Dalilin da ya sa hoto ba ya isa a ce laimar kwaɗi ta ciwu, da abin da masana ke dubawa

Hoto yana iya sa masani ya ce maka kada ka ci. Abin da hoto ba zai iya ba shi ne ya sa masani na ƙwarai ya ce maka ci. Idan ya ga alamar haɗari guda ɗaya a hoton, magana ta ƙare, sai a zubar. Amma kafin ya ce wannan laimar kwaɗi abinci ce, dole ya san sunanta na ainihi, ya kuma kore duk masu guba da ke kama da ita, kuma yawancin alamomin da ake yin wannan aiki da su ba sa shiga kyamara. Wasu suna binne a ƙasa, wasu hanci ne ke kama su, wasu sai an yanka an jira, wasu kuma sai laimar ta kwana a kan takarda.

Za mu bi aikin daki-daki da nau'i biyu da suka sha ruɗar mutane. Na farko sunansa a littattafan kimiyya Amanita phalloides, kuma shi ne ke haddasa mafi yawan mace-macen da ake samu a duniya ta dalilin cin laimar kwaɗi. Asalinsa Turai ne, amma ya bi saiwoyin itatuwan da aka kai dashe har ya zauna a Arewacin Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Na biyu shi ne Volvariella volvacea, wanda ake nomawa a kan ruɓaɓɓen bambaron shinkafa a gabashi da kudu maso gabashin Asiya, ana kuma cin sa kullum ba tare da wata matsala ba. Mutanen da suka tashi suna cin na biyun, idan suka koma Kalifoniya ko Ostireliya da zama, sukan ga na farkon a gindin itace su ɗauka tsohon sani ne. A Kanbera, babban birnin Ostireliya, mutum biyu sun rasu a farkon 2012 bayan sun ci na farkon a abincin daren shiga sabuwar shekara.

Abin da hoton ke nunawa

A ce wani ya tsinko laimar kwaɗi, ya ɗora ta a tafin hannu ya ɗauki hotonta daga sama. Abin da ake gani shi ne hula mai santsi, faɗinta kamar santimita 8, launinta fari-fari ne da ɗan sirkin toka, sai kara fari da aka yanke da wuƙa. Duka nau'in biyu suna iya fitowa haka. An san Amanita phalloides da hula mai launin kore-kore irin na zaitun, amma launin nan ba abin dogaro ba ne: yana koɗewa idan ruwan sama ya dake ta, yana komawa rawaya-rawaya ko ruwan ƙasa idan ta tsufa, akwai ma wadda take fitowa fara fat tun farko. Ita kuma kyamarar waya gyara launi take yi da kanta, ta yadda hula ɗaya za ta fito da launi daban a inuwa, daban a rana, daban a ƙarƙashin fitilar ɗaki. To ka ga launin hula, wanda shi ne abin da hoto ya fi nunawa, shi ne mafi raunin shaida a cikin duk abin da masani ke aiki da shi.

Ko girma ma hoto ba ya faɗa sai an ajiye ma'auni a gefe.

Mataki na 1: tono ta gaba ɗaya

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma nan ne rai ya fi rataya. Kada ka yanke karan, kada kuma ka fizge. Sa wuƙa ko ƙaramin cokali a ƙasa, nesa kaɗan da karan, ka ɗago laimar da gindinta duka, ka kakkaɓe ƙasar a hankali da yatsa.

Dalilin shi ne 'yan gidan Amanita suna fara rayuwa ne a cikin wata farar fata da ta lulluɓe su baki ɗaya, kamar ƙwai. Idan karan ya miƙe sai fatar ta fashe, ragowarta ta zauna a gindi kamar 'yar jaka mai buɗaɗɗen baki. Jakar nan sau da yawa tana ƙarƙashin ƙasa ko ganyayen da suka zube. Wanda ya yanke kara ya bar ta a can, kuma hoton da zai ɗauka daga baya ba zai taɓa nuna cewa akwai ta ba. Shi ya sa masani da aka kawo wa laima mai yankakken gindi yakan ƙi cewa komai, kuma daidai ya yi.

A misalinmu, mutumin ya koma wurin ya tono wata, sai ga jaka a gindinta. Wannan bai raba gardama ba tukuna, domin Volvariella ma tana da jaka. Hasali ma jakar ce ke sa mutane sakin jiki, suna ganin ai ga alamar da suka sani. Amma ga wanda ba gwani ba, ganin jaka kawai ya isa ya ajiye batun ci.

Mataki na 2: rubuta inda ta tsiro

Tun kana tsugune a wurin, duba a kan me ta fito: ƙasa ce, ko ruɓaɓɓen itace, ko tarin bambaro, ko kashin dabba? Waɗanne itatuwa ne a kusa? Ita kaɗai ce, ko a dunƙule suke daga gindi ɗaya? Tona kaɗan ka gani, don wani lokaci abin da ake zaton ƙasa ce akwai mataccen reshe a binne.

Wannan yana da nauyi saboda nau'in biyu ba hanyar cin abincinsu ɗaya ba. Amanita phalloides tana zaune ne manne da saiwoyin itace mai rai, musamman wani babban itace da ake kira ok da danginsa, suna musayar abinci, don haka daga ƙasa take fitowa a inda saiwoyin suka kai. Volvariella kuwa mataccen tsiro take ci, shi ya sa ake samun ta a kan bambaro da tarin taki. A misalinmu laimar ta fito ne daga ƙasa, taku kaɗan daga gindin wani babban itacen ok. Ma'auni ya fara karkata.

Mataki na 3: juya ta ka duba ƙarƙashin hula da kara

A ƙarƙashin hular wasu nau'o'in akwai siraran haƙarƙari da suka tashi daga tsakiya zuwa baki, wasu ƙananan ramuka gare su kamar soso, wasu kuma 'yan ƙayoyi. Idan haƙarƙari ne, masani yana duba launinsu, da cunkosonsu, da kuma yadda suka haɗu da kara: sun manne da shi, sun gangara a jikinsa, ko sun tsaya ba su taɓa shi ba. Nau'inmu biyu duka haƙarƙarinsu ba ya taɓa kara. Bambancin yana ga launi. Na Amanita phalloides fari ne daga ƙuruciya har tsufa. Na Volvariella yana farawa fari-fari, sai ya rikiɗe ya koma ruwan hoda, daga baya ya ɗan yi duhu yayin da irin ya nuna. Matsalar ita ce an fi son cin Volvariella tun tana ƙarama, kafin hular ta buɗe, wato daidai lokacin da wannan bambanci bai bayyana ba.

Sai kara. Amanita phalloides tana da zobe a ɓangaren sama na karanta, wata siririyar fata da ke rataye kamar siket. Volvariella ba ta da shi. Ganin zobe tare da jaka da fararen haƙarƙari alama ce mai ƙarfi ƙwarai cewa Amanita ce. Amma rashin zobe ba ya wanke laima. Zoben ba shi da ƙwari: yana yagewa, yana manne wa bakin hula, dodon-koɗi yana cinye shi, hannun mai tsinka ma yana goge shi. Saboda haka masani yakan sa gilashin ƙara girma ya nemi tabon da zoben ya bari a jikin karan.

Wannan ne ma ya sa ba a yanke hukunci da laima ɗaya. Ana tara ƙarama da matsakaiciya da wadda ta buɗe sosai daga wuri guda, domin kowace tana riƙe da alamar da sauran suka rasa ko ba su kai ga samu ba.

Mataki na 4: yanka, jira, shinshina

Raba laimar gida biyu daga hula har gindi. Duba ko karan a cike yake ko akwai rami a ciki, ko wani ruwa mai kama da madara yana fitowa, sannan ka sa ido a kan naman na 'yan mintoci. Wasu nau'o'in suna komawa shuɗi nan take, wasu ja, wasu rawaya. Akwai wadda ake kira Agaricus xanthodermus, mai kama da farar laimar da ake nomawa don ci. Idan aka kankare gindin karanta sai wurin ya yi rawaya shar, tana kuma warin tawada ko maganin asibiti, warin da ke ƙaruwa idan ta ji wuta. Tana sa amai da gudawa. Rawayar takan dushe bayan ɗan lokaci, wari kuwa babu hoton da ke ɗauko shi.

Idan abin da ka samu dunƙulalle ne kamar ƙwai, yankan nan wajibi ne. Akwai dunƙulallun nau'o'i da ake ci, waɗanda cikinsu fari ne sumul babu wani zane. Ƙwan Amanita kuwa idan aka raba shi za a ga siffar 'yar hula da haƙarƙari da kara a kwance a ciki. Daga waje ba a bambance su.

Ɗanɗano ba gwaji ba ne. Waɗanda suka ci Amanita phalloides suka rayu sukan ce daɗi gare ta.

Mataki na 5: fitar da launin garin iri

Laimar kwaɗi tana yaɗuwa ne da wani gari mai laushi da ke zuba daga haƙarƙarinta. Ƙwayarsa ɗaya ba ta ganuwa da ido, amma idan ya taru yana da launi, kuma launin nan ya fi na hula tabbas nesa ba kusa ba, don rana da ruwa ba sa canja shi.

Zaɓi laimar da ta buɗe sosai amma ba ta fara ruɓewa ko bushewa ba. Yanke karan daf da hula. Haɗa farar takarda da baƙa gefe da gefe, ka kifa hular a kan mahaɗarsu ta yadda rabi zai hau kowace, domin farin gari ba ya fitowa a kan farar takarda, baƙi kuma ba ya fitowa a kan baƙa. Faifan gilashi ma yana yi, har ya fi, tunda za ka iya ɗora shi a kan duk launin da kake so daga baya. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a saman hular don kada ta bushe, ka kifa kofi a kai saboda iska, ka bar ta. Wani lokaci awa 3 ko 4 sun isa, amma a bar ta ta kwana ya fi. Idan ka ɗaga za ka ga zanen haƙarƙarin a kwance. Duba shi a hasken rana, kuma idan siriri ne ka tattara garin wuri ɗaya da bakin reza, launin zai fi fitowa.

Garin Amanita phalloides fari ne. Na Volvariella ruwan hoda ne mai sirkin ƙasa-ƙasa. A misalinmu, da safe an tarar da farin zane a kan baƙar takarda, ɓangaren farar kuma kamar babu komai. Yanzu an tara jaka a gindi, da tabon zobe, da fararen haƙarƙari da ba su taɓa kara ba, da farin gari, da itacen ok a kusa. Ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan bai fito a hoton farko ba, kuma rabin hular irin wannan laima yana iya kashe babban mutum.

Idan takarda ta wayi gari babu komai, to laimar ba ta nuna ba ne ko ta bushe. Wannan ba sakamako ba ne, kada a ɗauke shi a matsayin fari. A sake da wata.

Wannan gwaji yana kama wata mai ruɗi da ta fi yaɗuwa a ƙasashe masu ɗumi, Chlorophyllum molybdites, babbar farar laima mai ɓawo-ɓawo a hula da ke fitowa a filayen ciyawa bayan ruwan sama. Tana kama da wasu manyan nau'o'in da ake ci, kuma haƙarƙarinta fari ne tun tana ƙarama, sai ta manyanta yake komawa kore-kore. Garinta kore ne. A Arewacin Amurka ita ce aka fi samun mutane sun guba da ita, tana kawo amai da gudawa mai tsanani cikin awa 1 zuwa 3.

Mataki na 6: abin da sai a ɗakin gwaji

Akwai gidajen laimar kwaɗi da duk matakan baya ba sa kai mutum ga suna, musamman ƙananan masu launin ƙasa-ƙasa da ke fitowa a kan itace, waɗanda a cikinsu akwai masu irin gubar Amanita. A nan masani yakan ɗora garin a ƙarƙashin madubin ganin ƙananan halittu, ya ƙara girmansa har sau 1000, ya auna tsawo da faɗin ƙwayoyin, ya duba ko santsi gare su ko ƙuraje. Na Amanita phalloides kusan kewayayyu ne, tsawonsu wajen maikiromita 8 zuwa 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Idan aka ɗiga musu ruwan Melzer, wani haɗi mai aidin, sai su koma shuɗi mai duhu, abin da na wasu dangin ba sa yi. Ana kuma ɗiga wani sinadari da ake kira KOH a kan hula ko nama a ga ko launi zai juya. Inda shakka ta rage sai a kai ga gwajin ƙwayoyin halitta.

Bayan duk wannan akwai sanin yanki. Littafin da aka rubuta don dazukan wata nahiya ba ya lissafa masu gubar wata nahiyar, kuma a wurare da yawa na duniya akwai nau'o'in da har yau ba a yi musu cikakken bayani ba. Masanin da ya ga hoto daga ƙasar da bai taɓa aiki a cikinta ba, bai ma san jerin abubuwan da ya kamata ya kore ba.

Wani abu kuma da ake mantawa: suna na laima ɗaya ne, ba na kwando ba. Mai guba tana iya tsirowa a tsakiyar masu kyau. Wanda ya nuna guda ɗaya aka ce masa lafiya, sauran da ke cikin kwandon ba a duba su ba. Kowace sai an juya ta an ga gindinta. Don haka ake naɗe kowane nau'i daban a takarda, ba a leda ba, domin leda tana sa su gumi su lalace kafin a kai wa mai dubawa.

Gwaje-gwajen da ba sa aiki

Ana cewa cokalin azurfa ko tafarnuwa suna baƙi idan aka dafa su da mai guba, ko wadda tsutsa da dabbobi suka ci ba ta da illa, ko wadda fatar hularta ke ɓarewa tana ciwuwa. Babu ɗaya da ya tsaya. Dodon-koɗi yana cin Amanita phalloides ya wuce abinsa, fatar hularta kuma tana ɓarewa sarai. Gubarta, amatoksin, ba ta mutuwa da tafasawa ko soyawa ko shanyawa ko daskarewa.

Gwajin da ya fi kowanne haɗari shi ne a ci kaɗan a jira a gani. Amatoksin ba ya nuna kansa da wuri. Yana shiga ƙwayoyin hanta ya tsayar da aikin da suke ƙera furotin da shi, mutum kuwa yana zaune lafiya lau har awa 6 zuwa 24. Daga nan sai amai da gudawa kamar ruwa da murɗar ciki. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai abin ya lafa, mara lafiya ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke, alhali hantar tana mutuwa. Daga kwana na uku zuwa sama ne ido ke yin rawaya, jini ya daina daskarewa, hankali ya rikice. A watan Disamba na 2016 an samu mutum 14 da suka ci Amanita phalloides a arewacin Kalifoniya, uku daga cikinsu sai da aka yi musu dashen hanta. Akwai ma wadda ta fi wannan jinkiri, Cortinarius orellanus, mai lalata ƙoda, wadda alamunta kan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako biyu ko fiye, kafin su fito.

Idan an riga an ci

Kada a jira alamu, kada kuma a tsaya jiran amsar wanda aka tura wa hoto. A tafi asibiti, a faɗi lokacin da aka ci, da yawan abin da aka ci, da duk wanda ya sa hannu a kwanon, har waɗanda ba su ji komai ba tukuna. Lokacin yana da amfani ga likita: ciwon cikin da ya fara bayan awa 6 ya fi tayar da hankali a kan wanda ya fara cikin awa 2, ko da yake farawa da wuri ba ya kore haɗari idan nau'o'i daban-daban aka haɗa a tukunya ɗaya. Idan an isa da wuri ana iya ba da gawayin asibiti don ya kama gubar a hanji, a sa ƙarin ruwa sosai, a riƙa auna aikin hanta da ƙoda na kwanaki, ko da mara lafiya ya ce ya ji sauƙi.

A tafi da duk abin da ya rage: ɗanyar laimar, da gindin da aka yanke aka jefa a shara, da ragowar abincin, har da aman idan babu wani abu, domin ana iya samun ƙwayoyin irin a cikinsa. A nan hoto yana da amfani, tunda zai iya sa masani ya gaya wa likita da wuri wace guba ce ake zargi. A ɗauki hular daga sama, da haƙarƙarin daga ƙasa, da karan duka har gindinsa, da laimar a rabe gida biyu, a hasken rana, da ma'auni a gefe. A haɗa da bayanin abin da ta tsiro a kai da itatuwan da ke wurin. Idan gindin yana can a ƙasa, a tura wani ya koma ya tono wata daga wuri ɗaya, ya naɗe ta a takarda ya biyo su da ita asibiti.